Kaya sun yi kwantai a sito: kurakuran da ake yi wajen rage darajarsu a littafi

Duk Disamba in an zo rufe littafi sai ka ga rigima tsakanin akanta da oga a kan kayan da suka yi kwantai, musamman nan Legas wajen masu harkar waya a Computer Village da masu kayan lantarki a Alaba, inda yayi ke wucewa kafin ma kwantena ta fito daga Apapa. Dokar kanta gajeriya ce, IAS 2, ƙa'idar akanta ta duniya a kan kayan sito, ta ce ka rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da ka kashe a kansu da abin da zai shigo hannunka in ka sayar, wanda ake kira NRV. A wajen aiki da ita ne ake ta kwaɓawa.

Bari mu ɗau misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani dila a Ikeja yana da wayoyi tsohon yayi guda 200 a sito, kowace ta tsaya masa naira 45,000 har da kuɗin kwastan da na dako, jimla 9,000,000 kenan. Sabuwar ta fito, yanzu ba mai ba shi sama da 38,000.

Abin da aka fi yi shi ne a ɗauki 38,000 ɗin a ce ai shi ne NRV, a rage 7,000 a kan kowace a wuce. A'a. NRV farashin sayarwa ne bayan ka cire duk abin da dole sai ka kashe kafin kayan su fita. Wayar nan ta daɗe a kwali batirinta ya mutu, canji da sabon kwali 2,500, yaron da ke kawo kwastoma kuma kamashonsa 1,500, to ka ga abin da ya rage 34,000 ne, ragin 11,000 ne a kan kowace, gaba ɗaya 2,200,000. Wanda ya tsaya a 7,000 ya ɓoye asarar 800,000 bai ma sani ba. In kuma akwai harajin VAT a cikin farashin to fitar da shi tukuna, ba kuɗinka ba ne. Sannan dan Allah farashin da ake nufi shi ne wanda kasuwa ke biya, ba wanda oga ya manna a gilashi tun bara yana cewa shi ba zai karya ba. Ka duba rasit na cinikin ƙarshe, ka duba abin da aka sayar a Janairu kafin a sa hannu a kan asusun, domin IAS 10 ta yarda cinikin da aka yi bayan rufe shekara hujja ce a kan darajar kayan ranar 31 ga Disamba, kuma nan odita zai fara leƙawa.

Wanda ya fi wannan haɗari, kuma ni a ganina shi ne wanda masu wayo suka fi so, shi ne haɗa kaya duka a kwatanta jimla da jimla. Dilan namu yana da sababbin wayoyi 100, kowace 80,000 ya saya, NRV ɗinta 105,000. In ka tara, kuɗin saye 17,000,000, NRV kuma 6,800,000 da 10,500,000 wato 17,300,000, sai akanta ya ce alhamdulillah NRV ya fi, babu abin ragewa. Amma me ya faru a nan? An ɗauki ribar 2,500,000 da ba a ci ba tukuna, wayoyin suna nan a kwali ba wanda ya biya, an rufe asarar da ta riga ta tabbata da ita. Kwatancin kaya da kaya ake yi, kowane iri da layinsa. An yarda ka haɗa masu kama da juna, iri ɗaya amfani ɗaya kasuwa ɗaya, waɗanda da wuya a raba su, amma ba ka ce "duk wayoyi" ko "duk kayan sito" ba. Sababbin suna nan a 8,000,000 ɗinsu ba a ɗaga su, tsofaffin su sauko 6,800,000, kaya a rufe shekara 14,800,000.

Shigarwar kuma ga ta:

```
Dr Cost of sales (inventory write-down)  2,200,000
Cr Allowance for inventory write-down    2,200,000
```

Kana iya sa kiredit ɗin kai tsaye a asusun kayan, ba laifi ba ne, ni dai na fi son asusun ragi daban saboda kuɗin saye na asali yana nan a bayyane in an zo neman sa daga baya. Abin lura, in ku masu ƙirga sito ne a ƙarshen shekara kuma kun riga kun sa 14,800,000 a matsayin kayan rufewa, to asarar ta shiga kuɗin kayan da aka sayar da kanta, in ka sake buga wannan shigarwar ka ci kanka sau biyu. Alamar ita ce ribar ciniki ta faɗi fiye da abin da za ka iya bayani, kayan da ke littafi kuma su gaza takardar ƙirga da daidai adadin ragin.

Akwai kuma masu cewa a bari sai an sayar sannan a rubuta asarar, ko a raba ta shekara uku kamar yadda ake yi wa janareta. Babu wannan, shekarar da darajar ta faɗi ita ke ɗaukar asarar duka.

Sai shekara ta zagayo, a nan ne ake mantawa da asusun ragin kwata-kwata. A ce an sayar da 120 daga cikin 200 ɗin. Manhajar sito ta fitar da su a 45,000 kamar yadda aka shigar da su tun farko, alhali an riga an ɗauki asarar 11,000 a kan kowace bara, in ba ka saki ragin ba asarar ta sake hawa kan wannan shekarar. Saboda haka 120 sau 11,000, wato 1,320,000, sai ka yi debit a asusun ragi ka yi kiredit a kuɗin kayan da aka sayar.

Saura 80. A ce dala ta tashi, sababbin wayoyi sun yi tsada mutane sun dawo kan tsohuwar, NRV ya koma 50,000. Oga zai ce to a rubuta su 50,000 mana, ai haka kasuwa ta ce. Yi haƙuri Alhaji, iyakarka 45,000 da ka saya, abin da ka rage shi kaɗai za ka maido:

```
Dr Allowance for inventory write-down  880,000
Cr Cost of sales (reversal)            880,000
```

Wato 80 sau 11,000, asusun ragin ya koma sifili. Ragowar 5,000 a kan kowace waya riba ce, sai ranar da kwastoma ya saya za ta shiga littafi. In da NRV 40,000 ya tsaya, 6,000 sau 80 za ka maido, 480,000, ka bar 400,000 a asusun ragin, kuma ka ajiye rasit ɗin da ya nuna sabon farashin domin dalilin maidowar ma sai an bayyana shi a bayanan asusu.