Ƙannenmu masu karatun tarihi a Ingila, ga inda maƙalar farko ke kayar da mutum

Ku da kuka bar Kano bana, rajista da katin laburare ba za su wahalar da ku ba, 'yan uwa na can za su nuna muku. Maƙalar farko ce ke kayar da mutane, kuma duk shekara a wuri ɗaya ake faɗuwa.

Mu mun taso da sanin tarihi, wannan ba a ƙwace mana. Yaron Ƙofar Mata zai jero maka sarakuna daga Bagauda zuwa Alwali ba tuntuɓe. To amma malamin can ba ya ba da maki don jero labari. A ce an tambaye ka yaushe Musulunci ya kafu a Kano. Kada ka ɓata shafi biyu kan Dala da Barbushe. Tun a sakin layi na farko faɗi matsayarka: ya shigo tun ƙarni na 14, amma sai zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kama fada sosai. Sauran maƙalar duk kare wannan magana ce.

Daga nan sai madogara, inda na fi jin takaicin sababbin zuwa. Za ka rubuta cewa Wangarawa, malamai daga ƙasar Mali, sun zo Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji, ka dogara da kundin Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908, ka wuce abinka. Malami zai ja layi ya tambaya: wa ya rubuta kundin, kuma yaushe? Labarinsa ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na 19, wato shekara wajen ɗari biyar bayan Yaji. Ga kuma Asalin Wangarawa, rubutun tsakiyar ƙarni na 17, wanda ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa. Aikinka ka ajiye su biyun gefe da gefe, ka faɗi wanda ka fi yarda da shi da dalilinka. Ko babban masani ne ka saɓa wa, a can ba rashin kunya ba ne, muddin hujja na hannunka. Kowace magana da ka ɗauko, sa lamba, ka rubuta marubuci da littafi da shekara da shafi a ƙasan takarda.

Sai Turanci. Na ga wata ƙanwarmu mai ƙwazo da aka kira gaban kwamiti, don ta ga jimlolin wani marubuci sun fi nata kyau, ta ɗauka ta sauya kalma biyu-uku. Ta ambaci sunansa a ƙasa, amma ba ta sa alamar zance ba, kuma wannan ma satar rubutu ce a wurinsu. Don Allah in ka gama karanta shafi, rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta da Hausa tare da lambar shafin, sannan ka gina jimlarka ta Turanci daga nan. Gajerun jimloli sun wadatar. Kafin ranar miƙawa, kai wa malaminka tsarin maƙalar a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai.