Yadda ake gano abin da ke zubar da gashi kafin a shafa komai a kai

Yawancin kawunan da ake kawo mana asibiti an riga an ɓata su a gida. An goga tafarnuwa har fata ta ƙone, an shafa baƙin mai, ko an matsa man bilicin da ya rage wa uwa. In aka yi haka alamar da za mu duba ta ɓace. Dokata ta farko ke nan: kada a shafa komai sai an duba. Tsefe kitson, wanke kan da sabulu, ki bari ya bushe, sannan ki fito da mai shi tsakar gida da hantsi. Fitilar waya ba ta nuna fatar kai yadda ya kamata.

Fatar wurin za ki kalla, ba gashin da ya zube ba. In wurin ya yi fili kamar kwabo, ga farin gari kamar dusa, ga guntayen gashi da suka karye daf da fata ko baƙaƙen ɗige-ɗige, yaron kuma yana ta susa, makero ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Shafa bayan kunnensa da ƙeyarsa, sau da yawa za ki ji kaluluwa. In kuwa wurin sumul yake, ba gari ba ƙaiƙayi, wata cuta ce daban, wadda garkuwar jiki ke taɓa saiwar gashi. Ba a ɗaukarta, maganin makero ba ya yi mata komai, kuma in wurin ƙarami ne sau da yawa gashin kan dawo cikin shekara guda. In goshi ne da gefen kunne suka ja baya, ki tuhumi mai kitsonki. In ba fili ko ɗaya, kan ne gaba ɗaya ya yi shara-shara, matsalar daga cikin jiki take, zan zo kanta.

A kan makero zan daɗe, don nan iyaye ke faɗuwa. Cutar yara ce, galibi ƴan shekara 3 zuwa 14, tana bin injin aski, reza, mataji, hula da matashin kai. Shi ya sa bayan askin salla sai ki ga yara uku na gida ɗaya sun kamu, haka ma almajiran da ke kwana tabarma guda. Abin da mutane ba su sani ba, ƙwayar cutar tana shiga cikin silin gashin ne har ƙasan fata. Man shafawa, ko na farmasi ne mai kyau, saman fata kawai yake taɓawa. Garin zai ragu, uwa ta ce an warke, bayan wata guda fili biyu ya zama biyar. Makeron hannu ko na wuya man shafawa na kashe shi. Na kai sai an sha magani.

Maganin da aka fi rubutawa shi ne girisofulbin, kuma da nauyin yaro ake auna shi, ba da shekarunsa ba, don haka a ɗora shi kan sikeli. Mu ɗauki yaro mai kilo 25. In likita ya lissafa miligiram 20 a kowane kilo, ya kama miligiram 500 a rana, wato ƙwaya ɗaya ta 500. Zai sha kullum har mako 6, wani lokaci 8. Mako 6 ƙwaya 42 ke nan. Ki ƙirga abin da ke hannunki tun ranar farko. In akwai hali, sayi duka 42 a tashi ɗaya, domin wanda ya sayi na kwana goma ya ce zai dawo, da wuya ya dawo. Kuma a farmasi, ba wurin mai tebur da maganinsa ya yini cikin ranar Maradi ba.

Wannan ƙwaya ba ta shiga jini sosai sai da maiƙo. Wadda aka haɗiya da ruwa da sassafe ciki ba komai, kusan asarar kuɗi ce. A ba shi bayan ya ci ƙosai, ko shinkafa da wake da mai, ko da kofin madara. Ni na fi son a haɗa ta da tuwon dare in miyar da mai, don lokacin kowa na gida, ba a mantuwa.

Wajen mako na biyu ƙaiƙayi zai lafa, garin zai tafi. Nan ne Hajiya ke cewa, "Malam likita, ai ya warke, sauran na ajiye wa ƙanensa." Bai warke ba. Maganin yana ba sabon gashin da ke tsirowa kariya ne, kuma gashi santimita ɗaya kacal yake yi a wata, sai sabon ya turo mai cutar waje. Alamar sauƙi na gaskiya ita ce gashi mai laushi ya fara rufe filin, garin kuma bai dawo ba. Ko an ga haka a ƙarasa kwanakin.

Tare da ƙwayar, a riƙa wanke kai da sabulun ruwa mai ketokonazol sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye. Ba ya warkarwa shi kaɗai, yaɗuwa yake ragewa. A duba kan sauran yaran gidan, a jiƙa mataji cikin ruwan jabel, a wanke hula da rigar matashi, kowa da rezarsa. Yaron da ya fara magani ba sai an hana shi makaranta ba. Mai ciki ba ta shan girisofulbin ko kaɗan. In wurin ya kumbura ya yi taushi yana tsattsafo da mugunya, kada wanzami ya tsaga, ba maruru ba ne, makeron ne ya harzuƙa. A kai shi asibiti a ranar, don in ya bar tabo gashi ba ya sake fitowa a wurin.

Saura kan da ya yi shara-shara. Ki ƙirga baya wata biyu zuwa uku: me ya faru? Haihuwa, zazzaɓi mai zafi, taifot, aikin tiyata, rasuwa ko wani tashin hankali. Zazzaɓin cizon sauro na Agusta da Satumba shi ke zubar da gashi a Nuwamba da Disamba, sai a ɗora wa hunturu laifi. Irin wannan zubar kan tsaya da kanta cikin wata shida, ba ta bukatar mai ko ɗaya.

In ta wuce haka, sai awon jini. Mace mai zubar jini da yawa a al'ada ko haihuwa kusa-kusa, ga kasala, ga cikin fatar ido ya yi fari, ga kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙanƙara, a auna mata jini da feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, don ajiyar kan ƙare tun jinin bai nuna ba. Ƙwayar ƙarin jini watanni ake shanta, kuma ba tare da shayi ba, shayi na hana ta shiga. In kuma akwai kumburi a gaban wuya, ko jin sanyi da ƙiba da bushewar ciki, ko akasin haka rama da zufa da bugun zuciya, a nemi awon TSH, wato awon jini na ciwon maƙoƙo. Ba kowane asibitin unguwa ke yinsa ba, ki nemi takardar da za ta kai ki babban asibiti, ki kuma tafi da duk wani magani da kike sha a nuna wa likita.