Yadda za ka tabbatar akwai gini a inda aka ce maka, da yadda za ka san shekarun hoton satalayit ɗin

Wani maƙwabcinmu a Aboabo, cikin Kumasi, ya zo min da waya a hannu yana huci, wai ƙaninsa ya cinye kuɗin ginin da yayansu ke turowa daga Turai, don ya buɗe Google Maps ya duba filin can wajen Kenyase bai ga komai ba sai ciyawa. Da muka zauna muka duba tare, hoton da yake kallo an ɗauke shi tun kafin ma a sayi filin. Saura kaɗan zumunci ya lalace a kan tsohon hoto. Shi ya sa duk wanda ya kawo min irin wannan aiki nake cewa tambaya biyu ce, akwai gini ko babu, sannan yaushe aka ɗauki hoton, kuma ta biyun ce mutane ke tsallakewa.

Fara da lambobin wurin. Kar ka yarda da kwatance irin "bayan masallaci, kusa da mai sai da koko". Ka sa a tsaya a cikin filin a turo maka lokeshan kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke motsi da mutum, don wanda ake zaɓa a taswira kowa zai iya ajiye shi inda ya ga dama yana kwance a ɗakinsa. In adireshin GhanaPostGPS aka ba ka, irin mai farawa da AK a Kumasi ko GA a Accra, yana da kyau, ya raba ƙasa murabba'i-murabba'i mita 5 sau 5, amma shi ma abin da yake nunawa kawai inda wayar ta tsaya, ba mai filin ba. Ka buɗe lokeshan ɗin a Google Maps, ka danna yatsa ka riƙe a kan wurin, lambobi biyu za su fito, ka kwafe su.

Lura da 'yar alamar ragi a gaban lamba ta biyu. Kumasi tana wajen `6.7, -1.6`, don muna yamma da layin Greenwich da ya ratsa ta Tema. In alamar ta faɗi wajen kwafa, taswira za ta kai ka can wajen iyakar Togo da Benin, na ga wanda ya kwashe rabin awa yana neman gidansa a gonakin wata ƙasa. Sannan a samu lamba biyar bayan ɗigo. Lamba ta huɗu tana kai ka kusan mita 11, ta biyar kusan mita 1, in uku kawai aka ba ka to mita 100 da wani abu ne, filoti nawa ke nan.

Yanzu ka bar Google Maps, hotonsa na sama ba ya faɗa maka ranar da aka ɗauke shi. Ka sauke Google Earth Pro a kwamfuta, kyauta ne tun 2015. Na waya ma yanzu yana da tsofaffin hotuna, amma ni ban yarda a yanke hukuncin kuɗi a kan ƙaramin allo ba, in ba ka da laftof ka ara na awa ɗaya, ka kuma tanadi data don yana sha. Liƙa lambobin a akwatin nema, ka matso har ka fara rarrabe rufin gidaje.

To ga inda kowa ke faɗuwa. A ƙasan hoton za ka ga rubutu mai alamar © da shekara da sunan kamfani irin Maxar ko Airbus. Wannan shekarar ta haƙƙin mallaka ce, ba ranar ɗaukar hoto ba, ita ce ta ruɗi maƙwabcin nan nawa, ya ga shekarar bana ya ɗauka hoton na bana ne. Abin da kake nema yana can ƙasa a layin bayanai, an rubuta `Imagery Date`. In bai fito ba ka ƙara matsowa, ka ɗora linzamin kwamfuta daidai kan filin. Na ce daidai kan filin don abin da kake gani ba hoto ɗaya ba ne, an ɗinke hotuna da yawa ne kamar zanen faci, kana iya matsar da linzami tsallaken titi kwanan watan ya canza. Wani lokaci har za ka ga layin ɗinkin, ɓangare ɗaya kore shar na damina, ɗayan ja-ja na rani. Sannan yawanci wata ne ke zuwa farko kamar yadda Amurkawa ke rubutawa, `3/1/2022` na nufin 1 ga Maris, ba 3 ga Janairu ba.

Daga nan ka danna ɗan agogon da ke sama, ko `View` sannan `Historical Imagery`. Wani ɗan layi zai fito mai ƙananan sanduna, kowace sanda hoto ce ta wani lokaci. Ja shi zuwa ƙarshen dama tukuna, don hoton da Google ke fara nuna maka ba lallai ya zama mafi sabo ba, sau da yawa wanda ba gajimare suke zaɓa, mu kuma tsakanin gajimaren damina da ƙurar hunturu hoto mai tsabta wuya yake. Sai ka dinga komawa baya ɗaya bayan ɗaya.

Mu ɗauka an ce maka an gama gida da rufi a 2021. Hoton Disamba 2020 fili ne da tulin yashi. Na Maris 2022 ya nuna layuka kamar an zana akwatuna, wato bangon bulo ba rufi, kana ƙirga ɗakunan ta sama. Na Janairu 2024 ya nuna kwano shuɗi. To gini akwai, amma maganar 2021 ba ta tsaya ba, an yi rufin ne tsakanin Maris 2022 da Janairu 2024, iyakar abin da za ka iya faɗa ke nan, kar ka ƙara. In kuma hoton ƙarshe na 2022 ne aka ce maka bara aka gina, rashin ganin ginin bai nuna an yi maka ƙarya ba sam, hoton ne bai kai lokacin ba.

Ka tabbatar ginin da kake kallo shi ne wanda ake magana, don hotunan kan goce da 'yan mitoci daga shekara zuwa shekara, alamar da ke nuna wurin sai ta hau rufin maƙwabci. Ni da abin da ba ya motsi nake kamawa, mahaɗar titi, kwalbati, masallaci. Ɗauki `Ruler` ka mai da shi ƙafa ka auna katanga, in an ce filoti 100 sau 70 ne ka samu 60 sau 50 to akwai tambaya. Bene kuma inuwa ke tona shi, ka kwatanta tsawon inuwarsa da ta gidan ƙasa na kusa a hoto ɗaya.

In kana son shaida ta biyu akwai shafin tsofaffin hotunan satalayit mai suna Esri World Imagery Wayback, shi ma kwanan watan da ke jere a gefe ranar sakin taswira ce, sai ka danna kan wurin ka ga ranar ɗauka. Satalayit ɗin Sentinel-2 yana wucewa kusan duk kwana 5 kuma hotunansa kyauta ne a shafin Copernicus Browser, amma kowane ɗigo mita 10 ne, zai nuna an share daji ko an yi katafaren sito, gida mai ɗaki uku kam ɗigo biyu-uku ne. Street View in ya bi titin yana rubuta wata da shekara a ƙasa.

Ka ɗauki sikirinshot da kwanan watan da lambobin a ciki. Rufi ba ya nuna an yi filasta ko an ja wuta, wannan sai a tura mutum ya yi bidiyo daga mahaɗar titin har cikin gida, maganar waye mai filin kuma sai bincike a hukumar filaye, wato Lands Commission.