Yadda ake rubuta wa lakcara imel don a sake duba makin tambayar dy/dx

An dawo da takardun gwajin MTH 102, ka duba tambaya ta uku mai maki 5, ka ga sifili da jan biro, alhali ka cika rabin shafi da aiki. Kafin ka taɓa waya, ka sani cewa imel ɗin da ake saurara shi ne wanda ya nuna wa malami layin da aka yi kuskure da layukan da suke daidai. Don haka aikin farko lissafi ne, rubutu sai daga baya.

Ka zauna ka sake warware tambayar a sabuwar takarda, ba tare da kallon tsohuwar ba. A ce tambayar ita ce a nemo dy/dx idan y = (2x + 1)/(x − 3), kuma ga abin da ka rubuta a ɗakin gwaji:

```
u = 2x + 1,  v = x − 3
du/dx = 2,  dv/dx = 1
dy/dx = [2(x − 3) − (2x + 1)(1)] / (x − 3)²
      = (2x − 6 − 2x + 1) / (x − 3)²
      = −5 / (x − 3)²
```

Layuka uku na farko ba su da aibi. An ware u da v, an samo du/dx da dv/dx, an kuma jera su yadda ƙa'idar rabawa ta tanada. A layi na huɗu ne aka zame: da aka buɗe baka, alamar ɗebewa ta shafi 2x amma ba ta shafi 1 ba. Ya kamata a samu 2x − 6 − 2x − 1, wato −7, amsar ta zama −7/(x − 3)². In kana shakka, gwada da kalkuleta. Idan x = 0, y tana −0.3333, idan x = 0.01 kuma tana kusan −0.3411. Raba bambancin da 0.01, za ka samu kusan −0.78, wanda ya dace da −7/9, abin da −7/(x − 3)² ke bayarwa idan x = 0. Ita kuwa −5/9 tana wajen −0.56, ta yi nisa.

Yanzu ka tambayi kanka ko wannan kuskure ne da ake ba shi maki. A lissafi, jadawalin maki yakan ware na hanya daban da na amsa, kuma irin aikin da ke sama shi ne ainihin wanda ake ba makin hanya a hana na amsa. Amma akwai sifilin da ya halatta. Wanda ya raba du/dx da dv/dx kai tsaye ya ce amsa 2 ce, bai san ƙa'idar ba, ko shafi nawa ya cika. Haka wanda tambaya ta ce masa ya bi ta tushe, wato ta lim h→0, shi kuma ya bi ta ƙa'idar rabawa: ko amsarsa ta fito daidai, ba abin da aka nema ya yi ba. Ka kuma sake karanta umarnin da ke saman takardar tambayoyi, domin in an rubuta cewa amsar ƙarshe kaɗai ake yi wa maki, magana ta ƙare. In kana cikin ɗayan waɗannan, ka haƙura da imel, ka je ofis a koya maka.

In ka tabbata kana da hujja, ɗauki hoton shafin duka a wuri mai haske, a ga lambar tambaya da jan biron malam. Kada ka ƙara ko ɗigo a takardar. Ƙarin alamar ɗebewa guda bayan an yi maki na iya kai ka gaban kwamitin maguɗin jarrabawa, kuma wasu malaman suna ajiye kwafi kafin su raba. Ka aika cikin kwana biyu ko uku, kafin a shigar da makin gwaji.

Sai rubutun. A layin batu ka sa lambar kwas, da gwajin, da tambayar, da lambarka ta rajista, saboda malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba zai gane ka da suna ba. In kana da adireshin imel na makaranta, da shi za ka aika. Ka kira shi da muƙaminsa, Dakta ko Farfesa, in ba ka sani ba Malam ko Malama ya wadatar. Galibi da Turanci ake irin wannan wasiƙa a jami'o'in Nijeriya, amma tsarin ɗaya ne:

“Assalamu alaikum, Dakta. Ina fata kuna lafiya. Ni ɗalibi ne a MTH 102, sunana da lambata suna ƙasa. Ina roƙon alfarma a sake duba tambaya ta uku a gwajin farko, inda na samu 0 cikin 5. Na gane amsata ta ƙarshe ba daidai ba ce: a layi na huɗu na rubuta +1 maimakon −1 wajen buɗe baka, shi ya sa na samu −5/(x − 3)² maimakon −7/(x − 3)². Sai dai ina ganin layuka uku na farko, wato ware u da v, da samo du/dx da dv/dx, da saka su cikin ƙa'idar, daidai suke. Shin jadawalin makin ya tanadi wani abu ga waɗannan matakai? Na haɗo hoton shafin, kuma zan iya kawo takardar ofis duk lokacin da kuka ga ya dace. Duk hukuncin da kuka yanke na karɓa. Na gode, Allah ya ƙara girma.”

Lura cewa wasiƙar ta ambaci kuskuren kafin ta nemi komai. Wannan ne ke nuna wa malam cewa ɗalibin ya fahimci darasin, ya kuma rage masa wahalar laluben inda aka zame. Ba ta kuma ce “maki uku nake bi” ba. Kai ba ka ga jadawalin ba, shi ya gani, kuma mai yiyuwa ne wani mataimaki ne ya yi makin ɗaruruwan takardu yana duba amsar ƙarshe kawai. Tambaya tana ba malam damar gyarawa ba tare da ya ji an tuhume shi ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan roƙo shi ne cusa abin da ba lissafi ba. Cewa maki biyu ne tsakaninka da 70, ko tallafin karatunka na cikin haɗari, na iya zama gaskiya, amma bai sauya abin da ke layi na huɗu ba. Kada kuma ka ce abokinka ya yi irin aikinka an ba shi uku, don kana iya jawo a rage masa, ko a fara tambayar yadda aikinku ya zo iri ɗaya. Kada ka sa shugaban sashe a kwafi tun a wasiƙar farko, ƙara ce ka kai kafin ka yi sallama. Ka kuma duba sauran takardarka kafin ka aika, domin sake dubawa na iya tono makin da aka ba ka bisa kuskure a wata tambayar.

In mako ya wuce shiru, ka tura tuni na layi biyu a ƙarƙashin imel ɗin farko, ko ka tsaya bayan lacca da takardar a hannu ka nemi minti biyu. In ya ce a'a, ka yi godiya, ka tambaye shi yadda yake so a riƙa jera matakai a jarrabawar ƙarshe.

Duk wannan ya shafi gwaji da aikin gida ne, waɗanda makinsu ke hannun malami. Jarrabawar ƙarshen zango daban take: da zarar an amince da sakamako a hukumance, lakcara ba shi da ikon sauya maki saboda imel. A nan sai ka duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku, ka bi hanyar neman sake maki da aka tanada, wadda takan bi ta hannun shugaban sashe, sau da yawa da kuɗin da ake biya da wa'adin da ba a wucewa.