Yadda na gyara lissafin gidan wankin da za mu buɗe a Jidda

Ƙanena ya kawo mini takardar lissafi: za mu zuba riyal 100,000, muna sa ran samun 20,000 a shekarar farko, 35,000 a ta biyu, 68,000 a ta uku. Ma'auninmu kashi 10 cikin 100, wato abin da kuɗin ke kawowa in suka zauna a shagonmu na atamfa, ba kuɗin ruwa ba. Takardarsa ta nuna NPV, wato darajar kuɗin da za su shigo a lissafin yau bayan an cire jari, na 1,961, a shiga kenan.

Na lura ya haɗa kuɗin uku ya raba, sai ya ɗauka kowace shekara 41,000 ke shigowa, ya ninka da 2.48685, adadin da ke mayar da kuɗin shekara uku zuwa darajarsu ta yau a kan kashi 10, sannan ya cire jarin. Wannan hanyar ta kuɗin da ba sa canzawa ce. Namu kuwa babban kason sai a ƙarshe yake zuwa, kuma riyal ɗin da ya daɗe a hanya ya fi rasa daraja.

Sai na bi su ɗaya-ɗaya, kowace shekara ina ƙara ninka abin rabawar da 1.1 saboda kashi 10 ɗin nan. Na raba 20,000 da 1.1, ya ba da 18,182. 35,000 da 1.21, ya ba da 28,926; 68,000 da 1.331, ya ba da 51,089. Jimla 98,197. Cire jarin, saura -1,803.

Ƙa'idar ita ce: sama da sifili a karɓa, ƙasa a bari. Na ce masa, "Ƙanena, wannan karon a haƙura."

A Excel, a sa kuɗin shekara ukun a B2 zuwa B4, jarin farko kuwa a waje ake barinsa, don in ya shiga baka shi ma za a rage masa daraja:

```
=NPV(10%,B2:B4)-100000
```