Yadda Ake Gane Ko Jarinka Ya Rarrabu da Gaske

Mutum yana iya mallakar hannun jari a kamfanoni masu yawa da ƙasashe daban-daban, amma ya kasance abu ɗaya ne tak yake riƙe da dukiyarsa, ta yadda idan abin nan ya girgiza, komai zai zube lokaci guda. Saboda haka abin ƙirgawa shi ne musabbaban asara, ba sunayen kamfanoni ba.

Da farko, ka buɗe takardar bayanan kowane asusun zuba jari da kake da shi, ka duba manyan kamfanoni goma da ke cikinsa da kuma kason kowace ƙasa. A ce wani ya raba kuɗinsa kashi uku daidai, ya zuba a asusu uku masu bin jerin manyan kamfanonin da ake auna kasuwa da su, wato mai bin S&P 500, da mai bin Nasdaq-100, da mai bin MSCI World. A ganinsa ya karaɗe duniya. Sai dai na farko da na biyu kusan gaba ɗaya a kasuwar Amurka suke, na ukun ma kimanin kashi 70 cikin ɗari na Amurka ne. Idan ka haɗa 100 da 100 da 70 ka raba uku, za ka tarar kusan kashi 90 na jarinsa yana ƙasa ɗaya, kuma Apple da Microsoft da Nvidia suna sahun gaba a duka ukun.

Mataki na biyu ya fi wuya, kuma a ganina shi ya fi cancantar lokacinka. A gefen kowane jari, ka rubuta inda kuɗin shigarsa ke fitowa. Kamfanin haƙar mai a wata ƙasa, da bankin da ke ba kamfanonin mai rance a wata, da kamfanin gine-gine da ke jiran kwangila daga gwamnatin da mai ke ciyar da ita, a takarda ɓangarori uku ne a ƙasashe uku. Amma lokacin da farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, irin waɗannan tare suka sha wahala. Ka sa albashinka ma a lissafi, domin ma'aikacin banki da ya tara hannun jarin bankuna ya ninka wa kansa kasada.

Daga nan ka gwada su da shekarun tsanani, ba na walwala ba. Waɗanda suka faɗi tare saboda dalili ɗaya, ka ɗauke su a matsayin jari guda, ka rage kasonsu, ka mayar da kuɗin zuwa abin da wani dalili dabam ke motsa shi, sannan ka sake duba rabon duk shekara, tun da ɓangaren da ya fi tashi yakan mamaye sauran.

Wannan dabara tana da iyaka. A 2008 kasuwannin hannun jari na kusan ko'ina sun faɗi tare, a 2022 kuma tashin kuɗin ruwa ya karya hannun jari da takardun lamuni a lokaci ɗaya, don haka kuɗin da za ka buƙata nan kusa ka ajiye shi a wajen kasuwa.