Wasa ya ƙi haɗuwa: kada ka goge shi tukuna

Kuskuren da na fi gani wurin samarin Maradi shi ne, da zarar Free Fire ko eFootball ya ƙi buɗewa sai a goge shi a sake saukewa. Megan ya tafi, matsalar tana nan. Abin yana min ciwo, domin minti biyar sun isa a gano inda cutar take.

Fara da forfenka. WhatsApp yana aiki ba ya nufin kana da intanet. Akwai forfen da na dandalin zumunta ne kawai, akwai kuma iyakar data da ake saka wa waya a saituna, ta yanke idan an kai. Buɗe wani shafi a burauza. Idan ya ƙi, duba ragowar meganka, ka ƙyale wasan.

Idan shafi ya buɗe, tambayi abokin da ke kan wani layi, misali kai Airtel shi Moov. In ku duka kun maƙale wuri ɗaya, sabar wasan ce ta faɗi ko ana gyara. Wannan sai jira.

Inda aka fi rikicewa shi ne tsakanin DNS da toshewar ƙofa, wato a rufe hanyar da bayanan wasa ke bi a intanet. DNS shi ke mayar da sunan saba zuwa lambar adireshi, don haka cutarsa tun bakin shiga take bayyana, wasa ba ya ko kai ka ɗakin jira. Mai kwamfuta ya gwada waɗannan a tagar rubuta umarni, wato cmd ko Terminal:

```
ping 8.8.8.8
ping google.com
```

Na farko ya amsa, na biyu ya ƙi, to DNS ne. A Android 9 zuwa sama, nemi DNS privé a saituna ka rubuta `dns.google`. Amma kada wani ya ce maka wannan zai hana wasa sarƙewa ana tsakiyar fafatawa. A lokacin DNS ya riga ya gama aikinsa.

Toshewar ƙofa kuwa daban take. Ƙanena ya hau wifin wani ofis a unguwar Zariya: ya shiga wasa lafiya, yana ganin abokansa, amma da an fara karawa sai a jefo shi waje. Dalili shi ne shiga kan bi ta TCP 443, hanyar da shafuka ke bi, ita kuwa karawar yawanci ta UDP take bi, masu wifin sun rufe ta. Na kunna masa rabon intanet daga wayata, ya shiga nan take. Waya ɗaya, wasa ɗaya, hanya kawai muka canza.

Idan wifin gidanku ne mai sim a ciki, kada ka wahala da buɗe ƙofofi a saitunan akwatin. Kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, abin da ka buɗe ba zai kai waje ba.